Yadda ake tsara ɗaukar hoto da bidiyon ɗaurin aure da dina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata za a aurar wata mai zuwa a Kano, kuma ni aka ɗora wa maganar masu hoto da bidiyo. Ɗaurin aure ranar Asabar ƙarfe 11 na safe a masallacin unguwarmu, dina kuma da daddare a ɗakin taro, mutum wajen 300. A bikin yayarmu da aka kawo bidiyon, ƙeyar mutane kawai muka gani a wajen ɗaurin aure, kakarmu kuwa ko sau ɗaya ba ta fito ba. Yaya zan tsara abin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Malam, fara da sanin cewa ainihin ɗaurin aure gajere ne ƙwarai. Daga lokacin da wakilin ango ya nemi aure, waliyyi ya ce ya bayar, aka ambaci sadaki, shaidu suka shaida, aka shafa fatiha, sau da yawa bai wuce minti biyar zuwa goma ba. Idan a masallacin akwai aure uku ko huɗu a ranar, liman yakan jera su ne ɗaya bayan ɗaya, naku na iya zama na farko. Kuma ba a cewa liman ya maimaita siga domin mai kyamara bai shirya ba. Saboda haka duk abin da zai sa aikin ya yi kyau, kafin ranar ake yin sa: a san wurin da kowace kyamara za ta tsaya, a rubuta abin da za a ɗauka, a kuma samu wanda zai riƙa nuna wa mai hoto mutane.

Kwana biyu ko uku kafin bikin, ka ɗauki shugaban masu hoton ku je masallacin da misalin ƙarfe 11, wato daidai lokacin da za a yi abin, domin hasken wannan lokacin ake son gani. Ku gaisa da liman ko na'ibinsa ko ladan, ku tambayi abu uku: ko an yarda a shiga da kyamara ciki, a ina liman yake zama idan zai ɗaura aure, kuma auren wa za a fara ɗaurawa. Wasu masallatan ba su yarda da hoto a ciki ba sam, wasu sun yarda amma ban da fitila mai walƙiya. Gara ka ji wannan ranar Alhamis da ka ji shi ranar Asabar a gaban surukai. Idan an hana, sai a roƙi izinin ɗaukar murya kawai, a yi hotuna a haraba bayan an fito.

Idan an yarda, ga yadda zaman yake kasancewa. Liman yana gaba kusa da mihrabi, ya juyo yana fuskantar jama'a, waliyyin amarya da wakilin ango suna gabansa ko gefensa, kowa a zaune a ƙasa, manya sun kewaye su. Mai hoton da ya zo a makare dole ya tsaya bayan wannan da'irar, kuma daga nan ba abin da zai gani sai huluna da ƙeya. Wurin da ya dace shi ne gefen liman, jikin bangon alƙibla, tazarar taku uku ko huɗu, ta yadda kyamara tana kallon fuskar waliyyi da ta wakili, tana kuma samun gefen fuskar liman. Mai bidiyo ya zauna a nan tun minti 40 kafin lokaci, ya kafa kyamarar a kan mai ƙafa uku da aka sauke ƙasa, gilashinta daidai fuskar mutumin da yake zaune. Ya zauna, kada ya tsaya. Wanda ya miƙe tsaye a tsakiyar dattawa ya tare wa sahun baya, ya kuma ɗauko saman huluna maimakon fuskoki, ga rashin ladabi a idon jama'a. Mai hoton kati shi ma ya durƙusa a kafaɗar mai bidiyo, ba a ɗaya gefen ba. Idan suka zauna suna fuskantar juna, kowa zai fito a hoton ɗan'uwansa, sannan idan aka zo haɗa bidiyon sai a ga waliyyi yana kallon dama a nan, yana kallon hagu a can, mai kallo ya rasa wa ke magana da wa.

Wannan wurin yana da matsala ɗaya da ya kamata a lura da ita tun ranar ziyara. Wanda ya jingina da bangon alƙibla yana kallon ƙofofin masallaci ne, kuma ƙarfe 11 hasken waje ya fi na ciki nesa ba kusa ba. Kyamarar da aka bar ta ta auna haske da kanta za ta bi ƙofar, fuskoki su yi duhu. Maganinsa a saita hasken da hannu a kan fuska, a bar ƙofar ta yi fari idan ta ga dama, ko a ɗan karkata har wani ginshiƙi ko bango ya zama shi ne bayan mutanen. Idan akwai kyamara ta biyu, a kafa ta a can ƙarshen sahu a jikin bango, a ɗaga ta sama, ta ɗauki yawan jama'a da ɗaga hannu lokacin addu'a. Ba ta bukatar yawo.

Sai murya, wadda a wajen ɗaurin aure ta fi hoton ma daraja, domin siga magana ce. Makirfon da ke jikin kyamara yana ɗaukar abin da ya fi kusa da shi, wato fanka, tari da gaishe-gaishe. A nemi ƙaramar na'urar ɗaukar murya a ajiye a kan darduma tsakanin liman da waliyyi, kada ta wuce kamu biyu daga bakinsu, a kunna ta tun kafin su zauna, a bar ta tana ta ɗauka. Idan liman zai yarda a maƙala masa ƙaramin makirfo a wuyan riga, ya fi. Lasifikar masallaci ba abin dogaro ba ce, saboda sau da yawa liman ne kaɗai ke riƙe da makirfon, amsar waliyyi kuma ba ta shiga. Mai bidiyo ya sa abin ji a kunne yana sauraro, domin ba a gane murya ta lalace da ido.

Yanzu takardar abin da za a ɗauka. Kada ta wuce shafi ɗaya ga kowane taro, kuma a raba ta gida biyu: abin da idan ya wuce ya wuce, da abin da za a iya tsayar da mutane a yi. Na farko a wajen ɗaurin aure su ne neman aure daga bakin wakili, bayarwar waliyyi, miƙa sadaki hannu da hannu ko ambatonsa, fuskar liman lokacin huɗuba, shafa fatiha, sanarwar maroƙi cewa an ɗaura, rabon goro da dabino da alewa, da musabahar farko tsakanin iyayen ɓangarorin biyu. A ƙara da fuskar ango lokacin da aka shafa. Wannan na ƙarshe yakan kuɓuce, domin ango ba a gaba yake zama ba, yana can baya ko a waje cikin abokansa. Sai an ware masa mutum, ko mai kyamara ta biyu ya san inda yake zaune tun farko.

Kashi na biyu hotunan tsayuwa ne bayan an fito, kuma a nan lissafi yake da amfani. Tara mutane, jera su, gyara hula da riga, ɗauka sau uku ko huɗu saboda masu ƙifta ido, yana cin minti biyu zuwa uku ga kowane rukuni. Rukuni 12 ke nan wajen rabin awa, alhali manyan baƙi ba sa wuce minti goma sha biyar a wurin bayan fatiha. Don haka a jera takardar bisa wanda zai fara tafiya da wanda tsayuwa ke yi wa wuya: ango da liman da waliyyi da wakili, sai ango da dattawan gidan amarya, sai dattawan gidan ango, sai baƙin da suka zo daga nesa ko masu sarauta. Abokan ango su ne na ƙarshe, domin suna tare da shi har dare. Ango ya tsaya wuri ɗaya kada ya motsa, mutane ne za su riƙa zuwa suna tafiya.

Wurin tsayuwar ma a zaɓe shi tun ranar ziyara. Rana tsaka tana jefa inuwa a kwarmin ido, farar shadda kuma tana ƙyalli har aikin da ke jikin babbar riga ya ɓace, ta zama farin fili kawai. A nemi inuwar gini, ba ta bishiya mai ratsin haske ba, ba kuma ƙarƙashin rumfa mai launin ja ko shuɗi ba, domin launin yana sauka a kan fuska da fararen kaya. Mai hoto ya auna haskensa ta yadda farin kaya bai ƙone ba, ya ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin a iya ɗaga hasken fuska daga baya. Idan mutane sun yi layi biyu ya rufe gilashi zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na gaba su fito tas, na baya su yi dishi-dishi.

Mai hoto bai san danginku ba. Tsohuwa mai sauƙin kaya da ke zaune a lungu, a idonsa baƙuwa ce kamar kowa, hankalinsa yana kan masu gwaggwaro da walƙiya. Rubuta suna a takarda ba ya wadatarwa, tunda suna ba ya nuna fuska. Abin da ke aiki shi ne a ba shi ɗan rakiya daga kowane gida, namiji a wajen maza, mace a wajen mata, wanda ya san kowa, ba ya jin nauyin zuwa ya ce “Baba, a taimaka a zo a yi hoto”, kuma ba a ɗora masa rabon abinci ko tarbar baƙi ba. Shi ne zai riƙe takardar da biro yana soke duk wanda aka ɗauka. Kai kanka ba za ka iya wannan aikin ba, domin ranar kowa kai zai riƙa kira. A kuma tura wa mai hoton hotunan mutum goma zuwa goma sha biyar mafi muhimmanci ta waya, da sunan da ake kiransu da matsayinsu: Hajiya Kaka, gwaggon amarya wadda ta riƙe ta, kawun da ya zo daga Maraɗi, uwar ɗakin amarya. Idan gida ne mai mata fiye da ɗaya, a faɗa wa mai hoto wace ce mahaifiya, wace ce abokiyar zamanta, a kuma rubuta kowacce a takardar. Rashin fitowar mutum ɗaya a irin wannan gida yana iya zama maganar shekaru.

Akwai kuma waɗanda ba za a same su a masallaci ko a dina ba. Mata ba sa zuwa wajen ɗaurin aure, iyaye da kakanni da yawa kuma ba sa zuwa dina saboda kunya ko tsufa ko ra'ayi. Idan ba a kai kyamara gida ba, ba za su taɓa fitowa ba. A ware minti 45 bayan la'asar, tsakanin ƙarfe 4:30 da 5:30, lokacin da rana ta yi sanyi kuma amarya ta yi kwalliya, a yi hotunan cikin gida: amarya da kakarta, da mahaifiyarta, da gwaggwanni da innoni, da nasihar iyaye idan sun yarda a ɗauka. A sa wa tsohuwa kujera a inuwar tsakar gida tana fuskantar fili, amarya ta durƙusa a gefenta, kada a tashe ta tsaye. Wannan aikin mace mai hoto ya fi dacewa da shi, musamman a gidan da ake kulle, domin ita za ta shiga har ɗaki ba tare da kowa ya ruga neman mayafi ba. A tambaya tun farko ko akwai wadda ba ta son a ɗauke ta, a nuna wa mai hoton ita.

Dina kuma matsalarta daban: a masallaci mutane a zaune suke, a nan kuwa da zarar an ce ga ango da amarya, kowa zai miƙe ya ɗaga waya. Mutum a tsaye da hannu a sama yana kaiwa mita biyu, don haka kyamarar da aka kafa daidai ido a bayan ɗaki ta tashi aiki. A nemi dandamali mai tsayin kamar santimita 60, ko tebur mai ƙarfi da ba ya girgiza, a ɗora mai ƙafa uku a kai har gilashin ya kai wajen mita biyu da rabi. A ajiye shi a ƙarshen hanyar da ta ratsa tsakiyar ɗakin, yana kallon kujerar ango da amarya, da dogon gilashi irin 70-200mm wanda zai jawo fuska daga nesa. Tunda bayan kowa yake, bai tare wa kowa ba. Kada a kafa shi jikin lasifika, domin ƙarar kiɗa tana girgiza hoto. Wannan kyamarar ba ta motsi, ba a kuma kashe ta. Wasu tsofaffin kyamarori suna tsayawa da kansu idan sun kusa cika minti 30, don haka a tambaya, idan irinsu ce mai ita ya riƙa sake kunnawa tsakanin jawabai.

Kyamara ta biyu ita ce mai yawo, da gilashi irin 24-70mm. Dokarta ita ce ta bi gefe, idan ta zo gaba ta durƙusa, kuma kada ta daɗe a tsakanin teburin iyaye da kujerar amarya. Lokacin shigowa, mai bidiyo da mai hoto su yi tafiya da baya kafaɗa da kafaɗa a gefe guda na hanyar, wani ya riƙe musu baya kada su faɗi, da sun kai rabin hanya su kauce su bar wa ta dandamali. Hanyar kanta ta kai faɗin mita biyu, a kuma bar fili kamar mita uku a gaban kujerar ba tebur. Wannan da mai ado za a yi maganarsa, kafin ya jera kujeru, a kuma duba kada ya sa doguwar fulawa a kan teburin da ke gaban amarya.

Masu waya ba a iya hana su, amma ana iya ba su lokacinsu. Mai gabatarwa ya sanar kafin shigowa, ya sake kafin yanka kek, cewa a zauna minti biyu masu aiki su ɗauka, sannan za a ba kowa dama. Idan aka cika alkawarin, mutane suna bi. A sa samari biyu ko 'yan mata biyu daga dangi a bakin hanyar suna mayar da mai kutsowa cikin ladabi, domin maganar ɗan gida ta fi ta baƙon mai hoto shiga. Masu hoton da ba a gayyata ba, waɗanda ke ɗauka su wanke su sayar a wurin, a gaya wa masu tsaron ƙofa su tsaya a waje. Shi ma mai gabatarwar a nuna masa inda zai tsaya, domin yawanci shi ne ke juya wa kyamara baya a daidai lokacin da ake ciyar da juna kek. Ya ba masu hoto jerin shirin dare a rubuce, ya kuma ɗaga musu hannu kafin ya kira abu na gaba.

Wajen liƙi ba dabarar da ke hana cunkoso. A bar ango da amarya su yi rawar minti ɗaya ko biyu su kaɗai kafin a kira kowa, sannan a riƙa kira rukuni-rukuni, dangin amarya, dangin ango, ƙawaye, abokai, kowane rukuni ya tsaya a gefe da baya, a bar ɓangaren da ke kallon dandamali a buɗe. Ka kuma sani cewa sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wajen biki, kuma an gurfanar da mutane a kan bidiyon da aka gani a intanet. Sa tire ko kwando a riƙa zuba kuɗin a ciki ya fi kwanciyar hankali, fuskar amarya ma ta fi fitowa. A rubuta a yarjejeniya cewa mai hoto ba zai sa komai a shafinsa ba sai da izininku.

Fitilun ɗakin taro masu sauya launi suna mayar da fuska shuɗiya ko ja, kuma gyaran wannan daga baya wahala ne. A roƙi mai fitilu ya bar farin haske tsayayye a kan kujera da filin rawa lokacin shigowa, kek da jawabai, ya yi wasansa da launi a bango. Fitilar bidiyo kuma a ɗaga ta a kan sanda ta wuce kan mutane, a gefe, kada a riƙe ta a hannu ana haska idon baƙi. Wutarmu tana tafiya ne a kan 50Hz, saboda haka a saita bidiyo a 25p, wato hoto 25 a daƙiƙa, da saurin 1/50, ko 50p da 1/100. Kyamarar da aka bari a 30p ko 60p takan nuna ratsi-ratsi masu gudu a hoto, kuma janareta da ba ya tafiya daidai yana iya kawo hakan ko da an saita, don haka a gwada bayan an tayar da shi. Muryar jawabai a jawo ta da waya daga na'urar mai kiɗa zuwa na'urar ɗaukar murya, a gwada kafin baƙi su iso.

Ga lissafin kayan da za ka tambaya. Bidiyon 4K a kan 100Mbps yana cin kusan 45GB a awa. Awa ɗaya a masallaci da gida, awa uku a dina, ya zama 180GB ga kyamarar da ba a kashewa, wato memori biyu masu 128GB, na uku kuma na ko-ta-kwana. Batir ɗaya a irin waɗannan kyamarori yakan yi awa ɗaya zuwa biyu yana bidiyo, don haka huɗu ga kowacce, a cike tun daga gida, ba a dogara da wutar ɗakin taro ba. Ka tambayi mai hoton ko kyamararsa tana rubutawa a memori biyu lokaci guda, ko yana da kyamarar ajiya idan ɗaya ta yi zafi ta tsaya, da kuma ko zai kwafe komai wuri biyu a daren kafin ya goge memori. Ga taro irin naku, mutum huɗu ne mafi ƙaranci: masu bidiyo biyu, mai hoto ɗaya, da mace mai hoto ta cikin gida wadda za ta taimaka a dina. Mutum ɗaya da ya ce zai haɗa hoto da bidiyo shi kaɗai, a lokacin miƙa sadaki dole ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya.

Kafin a tashi daga dina, kamar saura rabin awa, 'yan rakiyar nan su zauna da mai hoto su bi takardar suna dubawa a jikin kyamara, suna da suna. Wanda ba a gani ba a nemo shi tun yana wurin, wanda ya riga ya tafi kuma a rubuta sunansa a ɗauke shi wajen kai amarya ko buɗar kai.